Jawabin injiniyan muhalli ga mutanen bakin kogin Bunga a kan dam ɗin Kafin Zaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, malam Liman, Ardo, Sarkin Ruwa, iyayena maza da mata, barkanku da zuwa. Na san wasu sun baro gona, wasu sun baro dabbobi a hannun yara, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Ni injiniyan muhalli ne. Ba ni zan gina dam ba, ba kuma ni ke riƙe da kuɗin diyya ba. Aikinmu shi ne mu auna abin da ruwan nan zai ci da abin da zai kawo, mu rubuta, mu miƙa wa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Doka ce tun 1992: ba a fara aiki irin wannan sai an yi wannan binciken. Mu ne kuka gani makonnin nan da safiyo muna kafa turaku masu jan fenti. Shekaranjiya wani dattijo ya tare ni a gindin kukar da ke hanyar maƙabarta, ya nuna turken da sandarsa ya ce, "Yaro, wannan na mene ne?" Na ce masa sai ranar taro. Baba, ga amsarka: turken nan iyakar ruwa ne idan dam ya cika. Abin da ke ƙasa da shi, ta wajen kogi, ruwa zai rufe shi. Kukar ma tana ciki.

Na san da yawanku za su ce an daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa, kuma da gaskiyarku. Tun bayan farin da aka yi a shekarun 1970 ake maganar Kafin Zaki. An ba da kwangila zamanin Shagari, aka soke a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994. Akwai wanda ya fasa dasa mangwaro tun yana saurayi saboda an ce ruwa na zuwa, ga shi yau da jikoki, ba ruwa ba mangwaro. Wannan ma asara ce, kuma za ta shiga rahotonmu. Shawarata: kada wanda ya daina noma ko gyaran ɗaki saboda turke. Sai ranar da aka sanar a rubuce cewa an rufe ƙidayar abin da za a biya diyyarsa.

Yadda aka zana shi tun asali, bangon ƙasa ne mai tsawon kilomita 11, da zai tare ruwa kimanin mita kubik biliyan 2.7. An ce zai shayar da hekta 120,000, zai iya ba da wutar lantarki megawat 15. Waɗannan alƙaluman takarda ne. A ƙasar nan mun saba ganin an gama bango, ruwa ya taru, magudanan da za su kai shi gona kuma su yi shekaru ba a kammala ba.

Amfanin dai gaskiya ne, ba zan rage shi ba. Wanda ya taɓa bi ta Kura ko Kadawa da rani ya ga abin da ruwan Tiga ya yi tun 1974: tumatir, alkama, shinkafa, motoci na lodi dare da rana, matasa ba sa tafiya cirani kamar da. Akwai kifi. Akwai ruwan sha ga garuruwan da rijiyoyinsu ke ƙafewa kafin damina ta faɗi. Amma ku lura da abu ɗaya, shi ne ma ya kawo ni. Ruwa gangara yake bi. Gonakin da za a shayar suna ƙasa da bango, ku kuwa kuna sama da shi. Idan aka bar abin yadda yake, wasu ne za su yi noman rani, ku ne za ku tashi. Babu wata dabara ta injiniya da za ta gyara wannan. Sai dai a rubuta tun yanzu cewa duk wanda ruwa ya ci gonarsa yana da kaso a filin noman rani, da girmansa, da inda yake.

To, maganar tashi. Za a tashi. Ba duka garuruwa ba, amma wasu unguwanni gaba ɗaya, wasu kuma gidajensu za su tsira, fadamarsu ta tafi. Waɗannan na biyun su na fi jin tsoro a kansu, domin mai ƙidaya yakan ga ɗaki a tsaye ya wuce, ya manta cewa abin da ke ciyar da ɗakin yana ƙarƙashin ruwa. An tashi mutane sama da 40,000 lokacin Kainji a 1968, har aka gina Sabuwar Bussa. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoma sun tare hanyoyin aiki saboda diyya da rabon gona, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sanda, aka rasa rayuka. Ban faɗi wannan don in tsorata kowa ko in zuga kowa ba. Na faɗa ne domin abin da ya kai ga haka shi ne alkawuran baki da ba a rubuta ba, aka fara aiki kafin a gama biya.

Ku saurari wannan da kyau. Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, abin da ake biya shi ne abin da ke kansa: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Ita ƙasar kanta ba a saye ta. Ke nan mutum zai iya karɓar kuɗin gero na shekara guda a kan gonar da ta ciyar da kakansa. Shi ya sa nake cewa ku nemi gona a madadin gona, kuɗi ya zama ƙari. Kuɗi a hannu, kun sani: babur, aure, ɗan biki, kafin damina biyu sun ƙare. Idan an nuna muku sabon wuri, kada ku duba rufin kwano kawai. Ku tona ƙasar ku gani, ku tambayi nisan ruwa, ku tambayi wa ke noma wurin yanzu, domin babu dajin da ba shi da mai shi.

Akwai waɗanda ƙidaya ke tsallakewa, kuma na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna. A wani aiki da na yi ina sabon shiga, na rubuta sunan mai gona, na rubuta ɗorawa uku a ƙarƙashin sunansa. Ashe ɗorawar ta wata gwauruwa ce, da kalwarta take yin daddawa tana ciyar da marayu. Shi ya karɓi kuɗin. Ba ta sani ba sai da aka gama. Don haka iyayena mata, gobe da safe abokiyar aikina za ta zauna da ku ku kaɗai. Ku faɗa mata kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, kuka, gayaunar bayan gida, wurin ɗiban yumɓu, kowanne da mai shi. Haka wanda ke noma gonar aro, ko haya, ko jingina: ya zo a rubuta shi tare da mai gonar. Ardo, burtali da mashaya ba su da takarda, amma muna so ka bi da mu ƙafa da ƙafa mu sa su a taswira. Malam Liman, maganar maƙabarta ba tawa ba ce, taku ce ku malamai. Abin da kuka yanke shi za mu rubuta, da kuɗin yin sa.

Ruwan da ya kwanta yana zuwa da nasa. Sauro zai ƙaru. Tsargiya, fitsarin jinin nan da ke kama yara masu wanka a tafki, tana bin katantanwar da ke son ruwa mara gudu. Asibiti da rijiyar burtsatse a sabon matsuguni ba alfarma ba ne, suna cikin kuɗin aiki. Kuma dam yakan ɓalle: Bagauda a 1988, Alau a Satumbar 2024 da ya cinye rabin Maiduguri. Wanda ke ƙasa da bango yana da haƙƙin ya san wa ke duba shi, da yadda za a sanar da shi cikin dare.

Akwai kuma waɗanda ba sa wannan fili. Kogin nan idan ya wuce ku ya zama Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja a fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi ta Gashuwa da sunan Yobe har tafkin Chadi. An riga an tare na Haɗeja a Tiga da Challawa, saboda haka ambaliyar da masu shinkafa da masunta da makiyayan can ke jira duk shekara, yawancinta daga nan take tafiya. Can kachala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan-baki sun samu wurin kwana. Shi ya sa mutanen Yobe da Borno suka daɗe suna adawa da wannan aikin. Ba ƙiyayya ba ce, su ma tuwonsu suke karewa.

Yanzu ga abin da har yau ba a ba mu amsarsa ba, ko da yake mun tambaya a rubuce. Tsayin ruwa na ƙarshe bai tabbata ba. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin wannan, mita ɗaya sama ko ƙasa na iya tsamar da unguwa guda ko ta nutsar da ita, don haka turakun nan na iya matsawa. Ba a nuna mana wurin da za a mayar da ku ba. Ba a ce ga wanda zai biya diyya ba, tarayya ko jiha, ko kuma za a gama biya kafin a rufe kogi. Ba a yanke yawan ruwan da za a riƙa saki don mutanen da ke ƙasa da bango ba, da wanda zai riƙe makullin ƙofofin idan shekara ta zo da fari. Sarkin Ruwa ya tambaye ni ko masuntan gida za su samu fifiko a kan baƙin da za su zo da manyan komaye. Tambayar tana nan, na sa ta a jerin.

Idan mun gama, doka ta ce a baje rahoton kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Da Turanci yake fitowa, kuma mai kauri ne. Na roƙi a ajiye taƙaitawarsa da Hausa, boko da ajami, a fadar Hakimi da sakatariyar Ningi. Ku zaɓi mutanenku da kanku, da mace a ciki, da makiyayi, da masunci, su riƙe kwafin duk abin da aka ƙirga. Kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, ko da ni na miƙo ta.

Ranka ya daɗe, a nan zan tsaya. Ga taswira an shimfiɗa a kan tabarma, kowa ya matso ya nemi gonarsa. Idan ka yarda, Baba mai sanda shi zai fara tambaya, tunda tun shekaranjiya yake bi na bashi.