Takardar Koke Kan Matsalar Giyar Motar da Na Saya

14 ga Maris, 2025

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto ne a kan farar motar nan ƙirar 2012 mai giyar otomatik da na saya a wurinka ranar Litinin, 3 ga Maris. Na kira wayarka sau huɗu ba ka ɗaga ba, yaron shagonka kuma kullum sai ya ce ka fita, shi ya sa na ga gara in sa maganar a rubuce.

Ranar 10 ga wata, mako ɗaya cif da ciniki, ina kan hanyar kai yara makaranta motar ta fara fizga. In ta zo shiga giya ta uku daga ta biyu sai injin ya yi ta kuka a banza, motar ba ta ja, can sai ta shiga da ƙarfi kamar an buge ta ta baya. Ribas ma sai na jira daƙiƙa biyar kafin ta kama. Da sanyin safiya lafiya lau take tafiya, sai ta yi zafi abin yake tashi. Ka tuna gwajin da muka yi bai wuce minti goma ba, yaronka yana ta cewa mu juya mai ya kusa ƙarewa.

Na kai wa makanike. Ya sa kwamfuta ta nuna lambar P0730, wato giyar tana zamewa. Da ya kwance farantin ƙasan giyabos, man da ya kamata ya zama ja ya fito baƙi ƙirin yana warin ƙuna, mayen ƙarfen da ke ciki kuma ya cika da garin ƙarfe. Ya ce faifan kulocin ciki sun cinye, kuma irin wannan ci ba na kwana bakwai ba ne. Duk tafiyar da na yi da ita kilomita 260 ce.

Alhaji, a gaban ƙanina na tambaye ka lafiyar giya, ka dafa bonet ka ce ko digo ba a taɓa ba, in an ga matsala a dawo maka da ita. A kan wannan maganar taka na biya, ban ko tsaya dogon ciniki ba. Ban ce ka san da aibin ka ɓoye ba, amma da shi motar ta bar hannunka.

Abin da nake nema shi ne ka karɓi motarka ka mayar mini da kuɗina cikakke. In hakan ya yi maka nauyi, na yarda ka sauya giyabos ɗin da kuɗinka a garejin da duka muka aminta da shi, da garantin wata uku a rubuce. A sake mai kawai a ce an gyara, wannan ban yarda ba.

Motar tana ajiye, na daina hawanta. Rasit, rahoton makanike da hotunan man suna haɗe da takardar nan. Ina jiran amsarka zuwa Juma'a, 21 ga Maris. In na ji shiru, zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, ko da yake ba haka na so ba.

Naka,
Malam Sani