Zuwa ga Ƙawata Sakina

Assalamu alaikum Sakina, 'yar'uwa.

Tun jiya nake kiran wayarki ba ki ɗauka, shi ya sa na rubuto. Ba sai kin amsa ba, ki dai karanta. Mma ce ta gaya mini da na biya ta shagonta a Kejetia: sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, lissafi F9. Ta ce tun da kika duba sakamakon a waya kika shige ɗaki, ko kokon safe ba ki taɓa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu, Sakina. Wallahi abin ya taɓa ni.

Ba zan ce miki kada ki yi kuka ba. Wadda ta yi shekara uku tana tashi kafin kiran assalatu, ta ɗebo ruwa, ta kai wa Mma kaya kasuwa, sannan ta bi torotoro daga Aboabo zuwa makaranta, in ta yi kuka ba ta yi laifi ba. Ki yi abinki. Amma Mma ta ce kina ta faɗin wai kin faɗi WASSCE, komai ya tashi a banza. Nan ne ban yarda ba.

Ɗauko takardar ki sake dubawa. Turanci B3. Kimiyya C4. Darussan zaɓinki uku babu wanda ya gaza C5, har da B2 a ilimin halittu. Makarantar koyon jinya da kike so darasi shida take nema, kowanne tsakanin A1 da C6: Turanci, lissafi, kimiyya da na zaɓi uku. Biyar suna hannunki, kuma WAEC ba ta ƙwace abin da ta riga ta ba mutum. Ɗaya ne ya rage. Za ki yi rajistar Nov/Dec, jarrabawar masu zaman kansu, ki sake rubuta lissafi, a haɗa da sakamakon da kike da shi ki nemi gurbi. Mutum nawa ne a zangon nan suka bi ta wannan hanya? Kin san Anti Hasiya ta bayan masallaci, wadda ke aiki a asibitin Komfo Anokye? Je ki tambaye ta da kanki sau nawa ta zauna wa lissafi. Ba ta ɓoyewa, har dariya take yi in ana zancen.

Kuma bari in faɗa miki abin da wasu ba za su faɗa ba, tunda ni ba baƙuwa ba ce. Lissafin nan tsoronsa kike yi tun muna ajin farko. Duk ranar da muka zauna bita, ke ce mai cewa a fara da kimiyya, lissafi sai an jima, har magariba ta yi. Ba rashin kai ba ne. Wadda ta haddace sassan zuciya da hanyoyin jini ba za ta kasa zana jadawali ba. Takarda ta farko tambaya 50 ce ta zaɓi. Ta biyu tambaya 13, a amsa 10, kuma ana ba da maki a kan matakan aiki ko da amsar ƙarshe ta kauce. C6 kawai muke nema, ba wanda ya ce sai A1. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka wannan karon da wuri za mu fara, da tambayoyin shekarun baya, ɗaya bayan ɗaya. Na yi wa Yaya Basiru magana, ya ce Asabar da Lahadi bayan la'asar zai zauna da ke, kuma kada a yi masa zancen kuɗi. Kuɗin rajista kuwa ina da adashen da zan kwasa, sauran mu ga abin da Allah zai yi.

Maganar mutanen gida, na san ita ta fi cin ranki. Za su yi. Wata ma za ta ce da ma aure aka yi miki. Ki gaishe ta da ladabi ki wuce. Amma ki ji tausayin Mma. Ba F9 ce ta dame ta ba, ƙofar da kika rufe ce. Da take ba ni labari ko sau ɗaya ba ta ambaci kuɗin da ta kashe ba, cewa kawai take yi yarinyar nan ba ta ci komai ba. Baba kuma ki same shi da kanki bayan sallar isha ki gaya masa shirinki, kada ya ji a bakin wani.

Gobe in sha Allahu ina tashi daga aiki zan zo, wajen ƙarfe biyar. Zan taho da waake mai taliya da ƙwai daga wurin matar nan da kike so, da tsofaffin littattafaina na lissafi. Littattafan ba sai mun buɗe su gobe ba. Ki dai yi wanka ki buɗe mini ƙofa, in ba haka ba kin san ni, zan tsaya a tsakar gida in yi ta kwaɗa miki kira har maƙwabta su fito.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa haka shi ne mafi alheri. Ki gaida Mma da Baba.

Taki,
Rabi