Wasiƙa zuwa ga ɗalibaina kan takardar amsoshin aikin gida

Zariya,
Litinin, mako na biyar na zango na biyu.

Zuwa ga 'yan aji biyu na babbar sakandare, ajin A da ajin B.

Assalamu alaikum, 'ya'yana. Ina fata kun tashi lafiya, kuma sanyin hunturun nan bai taɓa kowa ba. Ku gaishe mini da iyayenku. Na zaɓi in rubuto muku maimakon in yi magana a aji, domin minti arba'in ɗin darasinmu ba ya isar mu ko lissafin kansa, kuma ina so ku kai takardar nan gida, wanda yake duba karatunku shi ma ya karanta.

Tun farkon zangon nan, duk ranar Alhamis nakan ba ku takarda biyu: ta tambayoyin aikin gida, da ta amsoshin da na warware daki-daki. Dalilina kun san shi. Cikinku akwai wanda yayansa ke karatun injiniya a Samaru, da ya maƙale sai ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Akwai kuma wadda duk gidansu ita ce ta fara kaiwa wannan aji, idan ta maƙale ranar Juma'a da dare ba ta da wanda za ta tambaya sai Litinin. Na yi takardar amsoshin ne domin ta tsaya wa wannan yarinyar a matsayin yaya. Yau ma ra'ayina kenan.

To amma ga abin da na gani a makon jiya. Tambaya ta shida ta ce a warware 2x² + 7x + 3 = 0. A takardar amsoshi na bi fomula har na iso x = (-7 - 5)/4, sai na rubuta 3, na bar alamar ɗebewa a baya. Amsar gaskiya -3 ce. Kuskurena ne, na karɓa, kuma ina neman afuwarku. Sai dai a cikin littattafai 43 da na karɓa daga ajin A, guda 26 sun zo da wannan 3 ɗin, a layi ɗaya, har da 'yar kibiyar da na zana a gefe don nuna inda 25 ta fito. Mutum 26 ba za su yi tuntuɓe a kan dutse guda ba sai idan sawun mutum ɗaya suke bi ido a rufe. Ku gwada da kanku: ku sa 3 a gurbin x, za ku sami 18 + 21 + 3, wato 42, alhali sifili ake nema. Ku sa -3, za ku sami 18 - 21 + 3, sifili cif. Gwajin nan bai kai minti ɗaya ba. Ɗalibai huɗu ne suka yi shi, biyu daga ciki har suka rubuto mini a gefe cewa, "Malam, kamar akwai kuskure a nan." Wallahi wannan rubutun nasu ya faranta mini rai fiye da duk wani goma bisa goma da na bayar a ranar.

Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in daina raba amsoshin gaba ɗaya. Na kwana biyu ina juya maganar, domin tana da hujja. Daga ƙarshe na ƙi, saboda wanda zai fi cutuwa shi ne wanda ba shi da kowa a gida, kuma mai niyyar kwafa zai kwafa ko da daga littafin abokinsa ne, a tsaye bakin ƙofar aji. Gara in bayyana muku yadda ake amfani da takardar.

Da yawanku kun yi makarantar allo. Kun san akwai lokacin da ake duba rubutu a kwafa a allo, kuma babu mai kiran hakan laifi. Amma ranar da malam ya ce a kawo hadda, allo a kife yake. Yaron da ya ɓoye allo a cinya yana leƙe, malam zai iya cewa madalla ya wuce, amma ranar da aka tura shi gaba ya ja salla, babu allo a wurin. Takardar amsoshina tana da lokacin dubawa, tana da lokacin kifewa, kuma duk maganar wasiƙar nan a kan sanin waɗannan lokuta biyu take.

Idan kun isa gida, ku ninke takardar amsoshi ku sa ta can ƙasan jaka, ko ku ba Mama ta ajiye. Ku fara da tambayoyin, da baƙin biro ko shuɗi. Kowace tambaya ku ba ta aƙalla minti goma kafin ku ce ta gagara. Gagara kuwa ba ita ce ka karanta tambaya gabanka ya faɗi ba. Sai ka rubuta abin da aka ba ka, ka rubuta abin da ake nema, ka buɗe littafin darasi ka nemi misali mai kama da ita, ka gwada wata hanya ta ƙi, sannan ta gagara. Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin inda ka tsaya. Idan ka ɗauko takardar amsa, kada ka karance ta duka. Sa wata takarda ka rufe, ka buɗe layi ɗaya kawai, wanda ya biyo bayan inda ka maƙale, ka mayar ka rufe, ka ci gaba da kanka. Sau da yawa layi ɗayan nan shi ne dukan abin da kake buƙata.

Gyara kuma da jan biro za a yi shi, a ƙasan layin da kuka ja. Ina roƙonku, kada ku goge kuskurenku, kada ku yage shafin ku sake sabo mai tsabta. A nan ne nake ganin mun fi samun rashin fahimtar juna. Kuna zaton ina son littafi mai kyan gani. Ni kuwa kuskuren nake nema, domin da shi nake shirya darasin Litinin. Idan na ga mutum goma sha biyar sun ruɗe wajen b² - 4ac idan c na ɗauke da alamar ɗebewa, na san abin da zan maimaita. Idan kowa ya kawo mini aikina da hannunsa, sai in ɗauka an gane, in wuce gaba, in bar ku a baya ban sani ba. Kamar mara lafiya ne ya je asibiti ya ɓoye wa likita inda ke masa ciwo. Duk tambayar da kuka leƙa, ku rubuta a gefe: "Na duba amsa daga layi na uku." Washegari, takarda a kife, ku sake yin tambayar daga farko. Idan ta fita, ta zama taku.

Na san abin da ya sa wasunku suka kwafa, maki ne, kuma ni na ɗora makin a kan amsa daidai. Don haka daga wannan mako na canza rabon. Cikin maki goma na kowane aikin gida, biyar na ƙoƙarin farko ne, ko an dace ko ba a dace ba, uku na gyara da jan biro, biyu na sake yi. Wanda ya faɗi duka tambayoyin amma ya bi wannan tsari zai iya tashi da goma. Wanda ya kawo amsa tsaf irin tawa, babu alamar gwadawa, zan kira shi ya yi ɗaya daga ciki a allo. Idan ya yi, makinsa na nan, har da ban haƙuri. Idan ya kasa, babu maki a wannan aikin, sai mu zauna ni da shi. Idan abin ya maimaitu zan nemi ganin mahaifi ko mariƙi. Ba zan tozarta kowa a gaban aji ba.

Ku kuma sani hanyata ba ita kaɗai ba ce. Wanda ya warware tambaya ta shida da (2x + 1)(x + 3) = 0 ya yi daidai, ya ma fi ni sauri. Kada ku soke aikinku don bai yi kama da nawa ba.

Game da taimakon juna, ban hana ba, ina ma so. Ki zauna da ƙawarki ki nuna mata dalilin da ya sa aka raba da 2a, wannan alheri ne, ke ma zai ƙara zauna miki. Ki miƙa mata littafinki ta kwafa, wannan kin cuce ta ne da sunan zumunci. Haka yayye da malaman darasin yamma: su yi bayani da wani misali daban, biro kuma ya zauna a hannun ɗalibi.

Sai maganar waya. 'Yan ajin A kuna karɓar takarda da safe, 'yan ajin B sai bayan tara. Kada a ɗauki hoton amsoshi a watsa a WhatsApp, kuma kada a kai shagon fotokwafi a buga a sayar. Na ji an fara haka. Ni na zauna da dare na rubuta su, na ba ku kyauta, ban yarda wani ya karɓi ko naira goma a kansu ba. Wanda tasa ta ɓata ya zo in ba shi wata. Wanda bai zo makaranta ba saboda rashin lafiya, a kai masa duka biyun tare da wasiƙar nan.

Baɗi war haka kuna shirin WAEC da NECO. A takardar lissafi ta biyu ta WAEC, tambaya goma za ku amsa cikin awa biyu da rabi, kuma mai dubawa yana ba da maki ne a kan matakan aiki, amsa tsirara ba ta kawo komai sosai. Ga jami'ar Ahmadu Bello a garinku tun 1962, wasunku kullum kuna wucewa ta ƙofar Kongo a hanyar zuwa makaranta, kuma kwasa-kwasan da yawancinku ke buri ba a shigarsu sai da kiredit a lissafi. Wanda ya saba hannunsa da kwafa yanzu, a wancan ɗakin zai fara waige-waige, kuma daga nan ake faɗawa satar amsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma 'yan'uwanmu Kirista da ke ajin nan sun san addininsu ma bai yarda da ha'inci ba.

Ban manta da halin da wasunku ke ciki ba. Akwai mai tsare shago a Sabon Gari har magariba, akwai mai fita islamiyya ta dawo ta ɗora tukunya, ga wuta da ba ta zama. Idan lokaci ya ƙure, ku yi tambaya uku da gaske, ku rubuta mini dalili a ƙasa, zan karɓa in auna makin a kan ukun. Ina ofishin malamai duk Talata da Laraba bayan an tashi, har ƙarfe uku, ga mai son ƙarin bayani.

Aikin makon jiya na soke makinsa ga kowa. Ranar Alhamis zan ba da wasu tambayoyi shida a kan darasin, a kawo ranar Litinin. Kowa ya nemi jan biro kafin nan, wanda bai samu ba ya gaya wa monita, ina da 'yan kaɗan a aljihun tebur. Mahaifi ko mariƙi ya sa hannu a bayan takardar nan, ku dawo mini da ita tare da aikin.

Allah ya yi muku albarka, ya buɗa ƙwaƙwalwarku.

Naku,
Malamin lissafi na aji biyu.