Yadda Za Mu Saka Taron Talata Ta Biyu A Kalandar Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da sauran 'yan'uwa 'yan ƙungiyar layinmu na Kantin Kwari, barkanmu da kasuwa, Allah ya ƙara albarka a nema.

Kamar yadda aka tsayar a zaman ƙarshen shekara, daga Janairun 2026 taronmu na wata-wata ya koma Talata ta biyu a kowane watan Bature, da ƙarfe 4:30 na yamma bayan an sauko daga La'asar, a saman benen shagon Alhaji shugaba. Ya umarce ni, a matsayina na sakatare, in rubuta yadda kowa zai saka wannan rana a wayarsa sau ɗaya, wayar ta riƙa tuna masa da kanta har shekara ta ƙare. Ga shi nan. Don Allah a daure a karanta har ƙarshe, domin akwai wurare biyu da ake yawan zamewa, kuma wanda ya zame ba zai gane ba sai ranar da ya hau bene ya tarar da ƙofa a rufe.

Kafin a taɓa waya, mu fara daidaita lissafin a kanmu. Talata ta biyu tana nufin ka fara ƙirga Talatu daga ranar 1 ga wata: ta farko, sai ta biyu. Talatar farko ba ta wuce tsakanin 1 da 7 ga wata, don haka ta biyu kullum tana faɗowa tsakanin 8 da 14. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe. Duk ranar da wayarka ta nuna maka taro a 7 ga wata ko 15 ga wata, to akwai kuskure a saitin, babu tantama.

Kada kuma a ce ai Talatar sati na biyu ce, a dubi layi na biyu na kalandar bango a ɗauka. Dubi Agustan 2026: ranar 1 ga wata Asabar ce, a ƙarshen layin farko take zaune. Talatar da ke layi na biyu ita ce 4 ga wata, alhali ita ce ta farko. Tamu tana 11 ga wata. A Satumba kuwa watan da Talata ya fara, saboda haka taro ya faɗo da wuri, ranar 8. Mai jiran tsakiyar wata sai dai ya ji labari.

Ga ranakun 2026 baki ɗaya, domin kowa ya gwada da abin da wayarsa za ta nuna masa: 13 ga Janairu, 10 ga Fabrairu, 10 ga Maris, 14 ga Afrilu, 12 ga Mayu, 9 ga Yuni, 14 ga Yuli, 11 ga Agusta, 8 ga Satumba, 13 ga Oktoba, 10 ga Nuwamba, 8 ga Disamba.

Yanzu waya. Mafi yawanmu Android muke riƙe da ita, Tecno, Infinix, itel ko Samsung, kuma kowacce tana zuwa da kalandarta. Shawarata a yi amfani da Google Calendar, wanda ba shi da ita ya sauko da ita daga Play Store, kyauta ce. Dalilina shi ne tana ajiye taron a cikin Gmail ɗinka. Ko wayar ta faɗa ruwa, ko an zare ta a aljihu a cunkoson bakin kasuwa, Allah ya kiyaye, da ka sayi wata a Farm Centre ka shigar da Gmail ɗinka, taron zai dawo yadda ka bar shi. Abin da aka ajiye a cikin wayar kawai, tare da ita yake tafiya.

Ka buɗe manhajar, ka nemo Talata 13 ga Janairu, 2026. A nan nake so a natsu: lallai ne ka fara daga ranar da ita kanta Talata ta biyu ce, domin manhajar daga ranar da ka zaɓa take gina zaɓin da za ta ba ka. Idan ka fara daga 6 ga wata, Talatar farko za ta ba ka. Idan ka fara daga Laraba, maganar Laraba za ta yi maka.

Danna alamar + da ke ƙasa, ka zaɓi Event. Rubuta suna, misali Taron Ƙungiya. Idan All-day a kunne yake ka kashe shi, ka sa farawa 4:30 na yamma, gamawa 6:00, yadda za a tashi kafin Magariba. A duba da kyau PM ne aka zaɓa, kada waya ta tashi mutum da ƙarfe huɗu da rabi na asuba.

A ƙarƙashin lokacin za ka ga an rubuta Does not repeat. Danna shi, ka gangara zuwa Custom. A wurin da ake tambayar tazarar maimaici ka bar lamba 1, ka canza week ya zama month. Sai zaɓi biyu su fito: ɗaya yana maganar ranar 13 ga kowane wata, ɗaya kuma yana ɗauke da kalmomin second Tuesday. Na biyun shi ne namu. Wajen ƙarewa akwai zaɓin kada ya ƙare, ko ya ƙare a wata rana, ko bayan adadin zama kaza. Ni na ga ya fi a sa ya ƙare 31 ga Disamba, 2026, tunda duk ƙarshen shekara muna sake duba ranar taro, kada a canza rana wayar wani ta ci gaba da kiransa a tsohuwa. Daga nan ka danna Save.

Wanda yake da kwamfuta a shago abin ya fi masa sauƙi. A calendar.google.com, idan ka buɗe sabon taro a ranar 13 ga Janairu ka danna Does not repeat, za ka ga Monthly on the second Tuesday a rubuce a jere, dannawa ɗaya ce. Abin da ka saka a can zai bayyana a wayarka matuƙar Gmail ɗin ɗaya ne.

Masu iPhone: buɗe Calendar, danna +, sa suna da lokaci, sannan Repeat, sai Custom. A Frequency ka zaɓi Monthly. Ƙasa za ka ga Each da On the…, ka ɗauki On the…, ka murza ɓangaren hagu zuwa second, na dama zuwa Tuesday. Masu Outlook a kwamfutar ofis su shiga Recurrence, su zaɓi Monthly, su ɗauki layin da ke cewa The second Tuesday of every 1 month(s).

To ga wuraren zamewar nan biyu da na ambata.

Na farko shi ne danna Every month kai tsaye a wuce. A zahiri kamar daidai ne, ai wata-wata muke taro. Amma abin da waya ke fahimta galibi shi ne kwanan wata, wato 13 ga kowane wata, ko wace rana ce. A 2026, 13 ga Fabrairu Juma'a ce, 13 ga Maris ma Juma'a. Kenan tun wata na biyu ka sha bamban da jama'a da kwana uku.

Na biyun ya fi ɓoyuwa, shi ne na fi jin tsoro: mutum ya sa a maimaita duk bayan sati huɗu ranar Talata. Daga 13 ga Janairu, sati huɗu ya kai ka 10 ga Fabrairu, daidai. Wani sati huɗun ya kai ka 10 ga Maris, nan ma daidai. Ka saki jiki kenan, ka ce ai saitina lafiya lau. Sai Afrilu ta zo waya ta kira ka ranar 7, alhali taro sai 14. Abin da ya faru shi ne Maris na 2026 Talata biyar gare shi, 3, 10, 17, 24 da 31, saboda haka tazarar da ke tsakanin zaman Maris da na Afrilu sati biyar ce. Sati huɗu kwana 28 ne, watan Bature kuwa in ban da Fabrairu kwana 30 ne ko 31, ragowar kwanakin nan suna taruwa har su cika sati. Za a sake samun irin wannan a Yuni da Satumba da Disamba. Kuma da zarar lissafin sati huɗu ya kauce, gaba yake ƙara yi, ba ya dawowa hanya.

Shi ya sa nake roƙon kowa, bayan ya danna Save, ya leƙa Afrilu da Satumba. Idan ya ga 14 ga Afrilu da 8 ga Satumba, aiki ya yi kyau.

Sai tunatarwa. A cikin taron akwai Add a notification. Ina ganin a sa biyu: ɗaya kwana guda kafin ranar, domin a tanadi kuɗin wata kada ma'aji ya yi ta bin mutane shago-shago, ɗaya kuma awa biyu kafin lokaci, yadda wanda ya je Singa ko Sabon Gari zai kamo hanya, wanda yake shago kuma ya samu yaron da zai bar wa. Wasu wayoyin suna toshe sanarwa idan an kunna tsimin batir, a duba a bai wa kalanda izini.

Maganar azumi. Bisa lissafi ana sa ran zaman 10 ga Maris zai faɗo cikin Ramadan, kuma kowa ya san 4:30 na yamma a lokacin ba ta taro ba ce, ga tafsiri ga shirin buɗa-baki. Idan shugabanni sun mayar da shi safe, ka buɗe taron ranar 10 ga Maris kaɗai ka gyara lokacin. Da ka danna Save za a tambaye ka This event, This and following events, ko All events. Zaɓi This event. Wanda ya danna All events ya mayar da zaman shekarar gaba ɗaya safe. Haka nan idan an ɗage zama saboda rasuwa ko biki, na ranar kaɗai ake taɓawa.

Iyayenmu da suka saba ƙirga da watan Musulunci, ina tunatarwa cikin girmamawa cewa wannan lissafin na watan Bature ne. Talata ta biyu a Rajab ko Sha'aban ba lallai ta dace da tamu ba.

'Yan'uwanmu masu zuwa saro kaya Dubai ko Guangzhou, ko masu tafiya Umara, su lura cewa waya tana juya lokaci zuwa na ƙasar da aka sauka. Makka tana gabanmu da awa biyu, don haka a can za ka ga taron 6:30, ba lalacewa ya yi ba. A dai tabbatar an saka shi da lokacin Najeriya, wanda ake rubutawa West Africa Standard Time, wani wurin kuma Africa/Lagos.

Ga yaranmu masu ilimin kwamfuta da ke son haɗa fayil ɗin .ics a raba wa kowa, ƙa'idar iCalendar ta RFC 5545 layi ɗaya ta tanadar wa wannan maimaici:

```
DTSTART;TZID=Africa/Lagos:20260113T163000
RRULE:FREQ=MONTHLY;BYDAY=2TU
```

2TU ɗin nan shi ne Talata ta biyu. Idan an bar shi haka ba ya ƙarewa, idan ana son zama goma sha biyu kawai sai a ƙara ;COUNT=12 a ƙarshen layi na biyu.

Masu ƙaramar waya mai madannai ba a manta da su ba, zan ci gaba da kiransu ranar Litinin kamar yadda aka saba. Wanda kuma ya gwada abin ya ƙi, ya same ni a shago bayan Azahar kafin 13 ga Janairu, ya zo da wayar da caji, mu saka tare.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya