Karatun Ƙagaggun Labarai Yana Gyara Hali

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, alƙalan wannan muhawara, malamanmu, abokan karawata da sauran 'yan uwana ɗalibai, ina yi muku barka da safiya. Ni ce mai magana ta biyu daga aji biyu na babbar sakandare, kuma na tsaya ne a ɓangaren da ya ce karatun ƙagaggun labarai yana gyara hali.

Wanda ya gabace ni ya ce labarin ƙage ƙarya ne, ƙarya kuwa ba ta tarbiyya. To, ina tambayarsa: da kakarsa take ba shi tatsuniyar Gizo da dare, yaudararsa take yi? Duk mun san babu Gizo, babu Ƙoƙi. Amma tun ba mu iya karatu ba muka ga yadda haɗama take kai shi ga jin kunya, kuma ba wanda ya ɗaga mana bulala kafin mu gane.

Abin da littafi yake yi ya ma fi haka zurfi. Yana sa ka zauna a cikin zuciyar wani. A shekarar 1933 aka yi gasar rubuta labarai a Zariya, inda wani malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta Shaihu Umar. Darasin tarihi zai gaya maka an yi cinikin bayi ta hamadar Sahara, ka haddace, ka ci jarrabawa. A littafin nan kuwa za ka bi yaro ɗaya da aka sace, ka bi uwarsa da ta bar gida tana cigiyarsa har ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. Wanda ya karanta wannan har ƙirjinsa ya yi nauyi, da wuya gobe ya ga almajiri a ƙofar gidansu da ƙoƙo a hannu ya kore shi da tsawa, domin ya riga ya san kowane yaro yana da uwar da take tunaninsa. Wannan shi ne tausayi, kuma tausayi hali ne.

Na san za a ce ai akwai littattafan banza, a kasuwa da kuma a waya. Gaskiya ne, akwai su, ni ma ba na goyon bayansu. Amma ku lura, alƙalai: duk wanda ya ce mugun labari yana ɓata yaro, ya riga ya amince cewa labari yana taɓa hali. Ke nan ta yaya zai musa cewa na kirki yana gyarawa? Aikin iyaye da malamai shi ne su zaɓa mana, su kuma tambaye mu me muka fahimta.

Saboda haka nake roƙon alƙalai su ba ɓangarenmu gaskiya a wannan muhawara. Na gode.