Hujjar cewa matsakaicin tarawa ba ya kasa matsakaicin ninkawa: takardar bita ga 'yan aji biyu na babbar sakandare

Ɗalibai, ga hujjar da ƙararrawa ta katse mana ranar Laraba, na rubuto muku ita cikakkiya. Na duba littattafanku a ƙarshen mako, kuma fiye da rabinku kun faɗa rami guda, saboda haka zan nuna muku ramin idan mun zo wurinsa.

Abin da za mu tabbatar shi ne: idan a da b lambobi ne da suka fi sifili, to

(a + b)/2 ≥ √(ab)

kuma ɓangarorin biyu ba sa zama daidai sai idan a = b.

Na hagu shi ne matsakaicin tarawa, wanda kuka sani tun firamare: a tara, a raba biyu. Na dama shi ne matsakaicin ninkawa: a ninka a da b, a ɗauki saiwar murabba'in abin da ya fito. Ku gwada 4 da 9. Tarawa ta ba da 6.5, ninkawa ta ba da √36, wato 6. Ku gwada 2 da 8, za ku sami 5 da 4. A 7 da 7 kuwa kunnen doki aka yi. Amma ko misali dubu kuka jera, ba ku kawo hujja ba, domin lambobi ba su da iyaka, kuma wadda ba ku gwada ba tana iya ba ku kunya.

Hujja ta farko, ta aljabara.

Tunda a da b sun fi sifili, kowace tana da saiwa, √a da √b. Mun kuma san murabba'in kowace lamba ba ya sauka ƙasa da sifili, ko da ita kanta lambar tana ƙasa da sifilin: −3 sau −3 tara ne. Saboda haka

(√a − √b)² ≥ 0

Mu warware baka. √a sau √a shi ne a, √b sau √b shi ne b, √a sau √b kuma √(ab) ne. Sai ya zama

a − 2√(ab) + b ≥ 0

Mu ƙara 2√(ab) a kowane ɓangare:

a + b ≥ 2√(ab)

Mu raba kowane ɓangare da 2. Lamba ce da ta fi sifili, don haka alamar ba ta juyawa:

(a + b)/2 ≥ √(ab)

Saura maganar daidaito. Murabba'i ba ya zama sifili sai abin da ke cikin baka sifili ne, wato √a = √b, wanda ke nufin a = b. Idan kuwa a = b, hagu ya zama a, dama ma √(a²) = a. Hujja ta cika.

Ku lura, layin farko ya ba mu fiye da abin da muka roƙa. Ratar da ke tsakanin matsakaitan biyu ita ce (√a − √b)²/2 cif. A 4 da 9, (2 − 3)²/2 rabi ne, kuma 6.5 a cire 6 rabin ne.

To ga ramin. Da yawanku kun fara da rubuta (a + b)/2 ≥ √(ab) a layin farko, kuka yi ta juya shi har kuka iso (a − b)² ≥ 0, kuka ja layi biyu a ƙasa. Da na soke, Hauwa'u ta ce, "Malam, ai ƙarshen gaskiya ne, me ya sa ka rage mini maki?" Tambayar ta cancanci amsa. Kin ɗauki abin da ake gardama a kansa kin mai da shi shaida, kamar mai ƙara ya ce alƙali ya fara yarda gonar tasa ce, sannan a saurari shaidu. Kuma ƙarya tana iya haifar da gaskiya: ki fara da −1 = 1, ki yi murabba'in kowane ɓangare, ga 1 = 1 ta fito, alhali farkon shirme ne. A takardar gwaji ba laifi ku bi ta baya don gano hanya, ni ma haka nake yi. A amsar da za ku miƙa kuwa, sai ku taso daga abin da kowa ya yarda da shi, ko ku nuna cewa kowane taki ana iya komawa ta kansa.

Sharaɗin fin sifili ma ba ado ba ne. Ku sa a = −4 da b = −4: tarawa ta ba da −4, ninkawa ta ba da √16 = 4, ƙa'idar ta rushe.

Hujja ta biyu, ta zane. Ita na fi so, domin ana ganinta da ido.

Ku ja miƙaƙƙen layi AB mai tsawon a + b, ku sa ɗigo C a kansa yadda AC = a, CB = b. Tsakiyar layin ku kira ta O. Ku kafa tsinken kamfas a O, ku zana rabin da'ira daga A zuwa B. Daga C ku ta da layi a tsaye cak har ya taɓa da'irar a D, sannan ku haɗa O da D.

OD nisa ne daga cibiya zuwa baki, wato rabin AB, saboda haka OD = (a + b)/2. OC kuwa rabin bambancin a da b ne, don haka OC² = (a − b)²/4. Alwatikar OCD tana da kusurwa mai digiri 90 a C, sai ƙa'idar Fitagoras ta ce

CD² = (a + b)²/4 − (a − b)²/4 = 4ab/4 = ab

Ashe CD = √(ab). Matsakaitan biyu ga su nan a alwatika guda, kuma OD ne gefen da ke fuskantar kusurwar digiri 90, wanda ya fi kowane gefe tsawo. Sai idan C ya hau kan O ne alwatikar ke ɓacewa, CD da OD su zama layi ɗaya, wato lokacin da a = b.

Wannan zanen ya haura shekara 2000, yana cikin littafin Iƙlidis, tsohon masanin lissafi na Girkawa, kashi na 6, mas'ala ta 13, inda ya yi amfani da shi wajen fitar da matsakaicin ninkawa na layuka biyu. Hujjar da ta game lambobi ko nawa ne, wadda Cauchy, masanin lissafi Bafaranshe, ya buga a 1821, sai kun je jami'a. Wanda kuma ya ce lissafi baƙo ne a garin nan, ku tuna masa da Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ranar Litinin za mu zana ta a ƙasa a bayan aji, da turke da igiya. Za mu ɗauki a mita 2, b mita 8. OD zai zama mita 5, OC mita 3, CD mita 4. Waɗanda suka taɓa bin magina sun san uku, huɗu, biyar ɗin nan, da ita ake daidaita kusurwar ɗaki kafin a aza bulo. Aminu, ka ce mahaifinka yana da tef na awo, ka roƙo mana aronsa.

Aikin gida guda biyu ne. Na ɗaya: wani mai lambu a Ajiwa yana da waya mita 40, zai kewaye fili mai kusurwa huɗu madaidaita. Tsawo da faɗi a haɗe mita 20 ke nan. Mita 16 da 4 sun ba shi murabba'in mita 64, 12 da 8 sun ba shi 96. Ku nuna da ƙa'idar nan cewa ba zai taɓa wuce 100 ba, ku faɗi tsawo da faɗin da za su kai shi can. Na biyu: ku nuna cewa x + 1/x ≥ 2 ga duk x da ya fi sifili, da inda ake samun daidaito. A kawo littattafai ofishin malamai kafin taron safe na Litinin.