Yadda DNA ke naɗuwa har ya zama kuromosom, bayanin da na yi wa 'yan aji biyu alƙawari

Salam ƙannena. Jiya bayan tutoriyal Maryam ta tare ni a bakin lab ta ce ita fa har yanzu kuromatin da kuromosom da nukiliyosom duk abu ɗaya take jin su, kuma na san ba ita kaɗai ba ce, kawai dai ita ce ta yi ƙarfin halin faɗa. To ga shi na zauna na rubuto, ku bi shi a hankali kafin tes ɗin ranar Laraba.

Mu fara da matsalar kanta. A kusan kowane sel mai nukiliyas na jikinka akwai DNA mai bes-fiya sama da biliyan 6, bes-fiya ɗin nan su ne tagwayen harufan A da T, G da C, kuma tsakanin ɗaya da na gaba nanomita 0.34 ne, in ka buga lissafin za ka samu wajen mita 2. Wato ya fi yawancinmu tsawo. Shi kuwa nukiliyas ɗin da za a zuba shi ciki faɗinsa bai wuce maikuromita 10 ba. Da za a hura nukiliyas ya kai girman ƙwallon ƙafa, zaren zai kai kilomita 40 da ɗoriya, kusan Kano zuwa Wudil ke nan, kaurinsa kamar siririn gashi. Kuma ba cusawa kawai za a yi a rufe ba, wannan shi ne abin da nake so ya zauna muku a kai, dole kullum sel ya iya zaro daidai wurin da yake son karantawa, ya kwafi zaren gaba ɗaya in zai rabu biyu, ya gyara inda ya tsinke, ba tare da ya harɗe ba. Duk wanda ya taɓa warware wa tela zaren da ya cukurkuɗe ya san me nake nufi.

Tela a kwarkwaro yake naɗe zarensa. Shi ma sel haka, kwarkwaronsa furotin ne mai suna histon, wanda Bajamushe Albrecht Kossel ya gano tun 1884. Me ya sa DNA ke manne wa histon? Caji ne. Ƙashin bayan DNA cike yake da fosfet mai cajin nagatif, histon kuma cike yake da amino asid biyu masu cajin fozitif, laisin da arjinin. Ku lura da wani abu a nan, da ƙashin bayan histon ke riƙe shi galibi, ba ruwansa sosai da wane harafi ne a wurin, shi ya sa kwarkwaro iri ɗaya ke iya naɗe kusan kowane yanki na DNA.

Kwarkwaron nan histon guda takwas ne a haɗe, H2A, H2B, H3 da H4, kowanne bibbiyu. Tsarin haɗuwar ma ana tambayarsa: H3 biyu da H4 biyu su ke fara zama a kan DNA su huɗu, sannan H2A da H2B su zo a tagwaye, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. DNA mai bes-fiya 147 ya zagaye su sau 1.65 ta hannun hagu, bai cika zagaye biyu ba, yana taɓa su a wurare 14. Wannan dunƙulen shi ne nukiliyosom, faɗinsa wajen nanomita 11. Daga nan sai ɗan zaren da ba a naɗe ba, linka, bes-fiya 20 zuwa 80 gwargwadon halitta da irin sel, sai wani nukiliyosom ɗin kuma. A madubin ilektiron kamar carbi yake fitowa sak, Ada Olins da Donald Olins sun fitar da hoton a 1974, a shekarar ne kuma Roger Kornberg ya kawo bayanin cewa histon takwas ne da DNA wajen bes-fiya 200 ke ta maimaituwa. In kun ga 146 a wani littafin kar ku rikice, aikin kiristal ɗin da Karolin Luger da Timothy Richmond da abokan aikinsu suka fitar a 1997 da zare mai 146 aka yi shi. Shi kuma 200 ɗin, 147 ne haɗe da linka.

H1 ba ya cikin takwas ɗin, don Allah, nan ne ake yawan zubar da maki. A waje yake zama, daidai inda zaren ya shiga ya fita, kamar fil ɗin da ake soke mayafi da shi kar ya zame.

Ta yaya aka tabbatar? Gwajin yana burge ni saboda sauƙinsa. Ka zuba wa kuromatin enzayim mai yanka DNA, maikurokokal nukiliyes, na ɗan lokaci kaɗan, ba zai iya yanka inda ke naɗe ba sai linka, in ka gudu da shi a jel sai ka ga tsani, 200, 400, 600, 800. Ka bar shi ya daɗe yana ci, sai ya cinye linka tas ya tsaya a wajen 147. Wani abin mamaki kuma, H4 amino asid 102 gare shi, kuma tsakanin na saniya da na waken fis guda 2 kacal suka bambanta, saniya fa da tsiro.

To kuromatin fa? Shi ne DNA haɗe da furotin ɗin da ke jikinsa, histon da waɗanda ba histon ba, sunan kayan ke nan. Kuromosom kuma zare guda ne cikakke na wannan kayan, muna da 46. Kamar atamfa ce da turmi, atamfa sunan yadin, turmi guda da aka ƙirga. Kuma kuromosom yana nan ko sel ba ya rabuwa, a sake yake kawai, siffar X ɗin nan da kuka saba zanawa tun sakandare ta lokacin metafes ce bayan an kwafe shi ya zama biyu manne a sentiromiya.

Carbin ya rage tsawo sau 6 zuwa 7 ne kawai, da sauran aiki. Handawut ɗinku ya ce mataki na gaba zaren nanomita 30 ne, ko dai solinoyid da Finch da Klug suka kawo a 1976, ko zigzag, wanda ke kai ragin wajen sau 40. Ku san shi, in an tambaya ku rubuta. Amma gaskiyar magana a cikin kwalbar gwaji aka fi ganin sa, da aka samu hanyoyin leƙa sel kai tsaye sai aka tarar a yawancin sel babu wannan shiryayyen zaren, wani aiki na 2017 da aka yi da dabarar ChromEMT ya ga sarƙa ce marar tsari mai kauri nanomita 5 zuwa 24, wani wuri a cunkushe wani wuri a sake. Ni dai da ni ke koyar da kwas ɗin da na daina zana tsanin nan na nanomita 11, 30, 300, 700, 1400 kamar wani karatun da ba a taɓawa.

Abin da ya fi ƙarfin hujja yanzu shi ne madauki. Akwai furotin mai siffar zobe, kohesin, yana kama kuromatin yana zuƙo shi ta cikinsa madaukin na ƙara girma, har sai ya ci karo da wani furotin mai suna CTCF zaune a kan DNA ta fuskar da ta dace, sai ya tsaya. Haka ake samun unguwa-unguwa da ake kira TAD, 'yan unguwa ɗaya sun fi cuɗanya da juna fiye da na waje, dabarar Hi-C da ta fito a 2009 ce ta buɗe wannan fagen. Kowane kuromosom ma da yankinsa a nukiliyas, ba kamar taliya a tukunya suke ba. In sel zai rabu sai wani furotin mai suna kondensin ya karɓi aikin, kondensin II ya yi manyan madaukai, kondensin I ya yi ƙanana a cikinsu, tofo'aisomares II yana yanka yana warware inda aka sarƙe. Kuromosom na 1 da ya kai wajen santimita 8 a miƙe sai ya dawo wajen maikuromita 10, ragin wajen sau 8,000 ke nan.

Yanzu wurin da ya fi daɗi. Kowane histon yana da jela da ta leƙo waje, kuma sel yana yi wa jelar nan alama. Enzayim ɗin HAT ya liƙa asetil a kan laisin, cajin fozitif ɗin ya mutu, riƙon ya sassauta, a samu damar karanta ƙwayar gadon da ke wurin, HDAC kuma ya cire shi wuri ya koma ya tsuke. Vincent Allfrey ya hango haka tun 1964. Metil shi ba ya taɓa caji, kuma kar wanda ya rubuta min wai metil kullum rufewa yake, ya danganta da inda aka sa shi. H3K4me3, wato metil uku a kan laisin na 4 na H3, alamar buɗaɗɗen wuri ce. H3K9me3 kuwa furotin ɗin HP1 yake kira a zo a rufe, H3K27me3 ma rufewa ce ta hannun gungun furotin ɗin folikom. Ga kuma injina irin su SWI/SNF masu ƙona ATP su tura nukiliyosom gefe ko su tsige shi. Inda ke sake ana karantawa shi ne yukuromatin, inda ke cunkushe heterokuromatin, wani a rufe yake dindindin kamar kewayen sentiromiya da telomiya, wani kuma rufewar ta danganta da sel ɗin. Shi ya sa sel ɗin hanta da na ƙwaƙwalwa DNA ɗinsu ɗaya amma aikinsu ya sha bamban.

Misali na kusa, mace tana da X biyu, tun tana ɗan tayi kowane sel ke dunƙule ɗaya ya ajiye, shi ne ɗigon da Murray Barr ya gani a 1949, Mary Lyon ta yi bayaninsa a 1961. In kun ga mage mai launi uku, baƙi da ruwan goro da fari, kusan kullum mace ce, saboda wani fegin fatar X ɗin uwa ne a buɗe wani na uba. Wanda ya fi shafar mu kuma maleriya ce. Plasmodium falciparum, mai haddasa ta, yana da ƙwayoyin gado wajen 60 da ake kira var, kowacce tana yin furotin ɗin da yake kafawa a bayan jan sel na jini, amma ɗaya tak yake buɗewa a lokaci guda, sauran ya danne su da H3K9me3 da HP1 nasa. Kafin garkuwar jiki ta gama gane wannan rigar wasu daga cikin ƙwayoyin cutar sun sauya wata, yana daga cikin dalilan da suka sa za ka yi zazzaɓin bana ka kuma yi baɗi.

Saura biyu a gurguje. A sentiromiya ana musanya H3 da wani ɗan'uwansa CENP-A, a kansa ake gina wurin da zaren sifindil zai kama. A maniyyi kuma ana cire mafi yawan histon a sa furotamin, naɗin ya fi na ko'ina tsukewa.

Ga aikin gida: in DNA bes-fiya biliyan 6 ne kuma kowane nukiliyosom da linkarsa 200 ne, nukiliyosom nawa ke cikin sel ɗaya, histon H4 kuma guda nawa? Ku zo min da amsa ranar Litinin bayan La'asar a ajin da muka saba, Maryam ke za ki fara fitowa allo.